Fili ɗaya, masu saye biyu: wa kotu za ta ba wa a Paraku?

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa a unguwar Zongo ta Paraku ya sayi fili sefa miliyan 2, aka rubuta takardar ciniki gaban shaidu, ya zuba yashi da bulo. Bayan shekara uku, ɗan'uwan mai filin ya sake sayar da shi ga wani ma'aikaci. Shi wannan bai tsaya a takardar ciniki ba. Ya kai maganar hukumar filaye ta ANDF, aka auna, aka kafa duwatsun iyaka, ya karɓi takardar mallaka ta dindindin, wato titir fonsiye.

Da a Kano ne, na farko yana da ƙafar tsayawa. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, wanda ya raba haƙƙi gida biyu: na wanda takardunsa suka cika sharuɗɗan doka, da na wanda adalci ke karewa ko da takardunsa ba su cika ba. Mai rasit da ya biya kuɗi ya shiga fili yana cikin rukuni na biyu. Mai cikakkiyar takarda ba ya kayar da shi sai in ya saya da zuciya ɗaya, bai san da haƙƙin wani ba. To, ta yaya mutum zai ce bai sani ba, alhali ga bulo jibge a filin? In kuwa dukansu rasit ne kawai a hannunsu, wanda ya riga saye shi ke gaba.

A Benin lissafin daban ne, domin tsarin Faransa ta gada. Dokar filaye ta 14 ga Agusta 2013, wadda aka gyara a 2017, ta sa titir fonsiye ya zama hujja ta ƙarshe. Shaidar riƙon gargajiya da magajin gari ke bayarwa, da takardar sake tsugunarwa bayan yanka unguwa, da takardun haraji, duk alamu ne kawai cewa mai su shi ne mai fili, kuma hujja mafi ƙarfi tana iya ture su. Muddin titir bai fito ba, alƙali a Jugu ko Paraku zai auna takardu da shaidu da daɗewar zama, har ma shekara 10 na riƙo a fili ba tare da jayayya ba suna iya kashe da'awar wani.

Saboda haka damar ɗan kasuwan nan tana a tsakani ne, lokacin da aka sanar da buƙatar ma'aikacin ga jama'a, aka kira maƙwabta wurin kafa iyaka. A nan ake shigar da ƙorafi. Matsalar ita ce fatake da yawa suna kan hanya sanarwar ta wuce su, kuma a nan dokar ta yi tsauri. Titir na fitowa, ko da an gano zamba, abin da ya rage wa ɗan kasuwan shi ne ƙarar neman diyya, filin kuwa ya tafi.