An soke yarjejeniya: wa zai biya, wa zai mayar?

Tirelar da ta tashi daga Kano ta bi ta Katsina da Jibiya, ta tsallaka Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, iyakar ƙasa ɗaya ta ƙetare, amma takardar cinikin kayan da ta ɗauko ta sauya gida. Najeriya ta gaji dokar kwangila irin ta Ingila, wadda aka gina a kan hukunce-hukuncen alƙalai. Nijar kuwa ta gaji kundin dokar Faransa na 1804, sannan tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, da aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Masu cinikin kuma sau da yawa da Hausa suka yi magana, suka tafa. Tafinta ne ke tsaye a tsakiya, kuma sassa biyu suka fi sa shi gumi: sashen kawo ƙarshen yarjejeniya da sashen biyan asara.

A ɗauki misali. Wani kamfani a Kano ya yi alkawarin kai wa wani ɗan kasuwar Maraɗi takin zamani, tirela ɗaya mai buhu 600 kowane wata, har wata shida. An kai tirela huɗu, an biya kuɗin uku, na huɗun ya maƙale. Takardar Turanci ta ce idan mai saye ya yi kwana 30 bai biya ba, kamfani na da ikon kawo ƙarshen yarjejeniyar.

A dokar Ingila ma'anar wannan a fili take. Yarjejeniya ta tsaya daga ranar da aka yanke ta, tirela biyu da suka rage sun faɗi, amma abin da ya wuce yana nan daram. Ɗan Maraɗi ya riƙe takin da ya karɓa, bashin tirela ta huɗu kuma yana wuyansa.

Faransanci ya raba wannan waje gida biyu, kowane da sunansa. Akwai reziliyasiyon, wadda ke yanke yarjejeniya daga yau zuwa gaba. Akwai kuma rezolusiyon, wadda asalinta rushe ciniki ne tun daga tushe, kamar ba a taɓa ƙulla shi ba, kowa ya mayar da abin da ya karɓa. Ƙamus kan jera su tare a ƙarƙashin kalmar Turanci guda. Idan tafinta ya ɗauki ta biyun, ya ba lauyan mai saye ƙofar cewa a mayar masa da kuɗin tirela uku, ya mayar da taki, takin da wataƙila ya daɗe da shiga gona. Alƙalan wannan tsari sukan ƙi taɓa abin da aka riga aka cika a cinikin da ake yi kashi-kashi, sai dai kafin a kai ga wannan hukunci an ci kuɗin lauya da watanni.

Akwai kuma batun hanya. Tsohuwar aya ta 1184 ta kundin Faransa ta ce a gaban alƙali ake neman rushe yarjejeniya, kuma al'adar tsarin ita ce a fara aika wa mai laifi takardar gargaɗi. A ƙarƙashin wannan tsohuwar aya, wanda ke son yankewa ba tare da zuwa kotu ba, sai yarjejeniyar ta faɗi haka ƙarara. Takardar Turanci kan yi shiru a nan, domin a wurinta sanarwa a rubuce ta wadatar.

Hausar kasuwa ma ba ta raba gardamar ba. "An soke", "an fasa", "an warware", duk ana faɗinsu ga cinikin da ya tsaya da wanda aka mayar baya. Malaman fiƙihu suna da faskhu, inda kaya ke komawa ga mai su kuɗi ga mai shi, da iƙala, inda aka janye bisa yardar juna, amma ba ɗayansu da ya yi daidai da abin da takardar Kano ke nufi. Shi ya sa gogaggen tafinta ke rubuta sakamakon da kansa: yarjejeniya za ta daina aiki daga ranar sanarwa, ba a mayar da kayan da aka kai, bashin da ya riga ya hau yana nan.

Sashen asara ya fi wannan santsi. A ce kamfanin ne ya makara da tirela ta biyar har damina ta yi nisa. Ɗan Maraɗi ya rasa ribar sefa miliyan 3 da ya saba samu a kasuwa, ya kuma rasa wata kwangila ta sefa miliyan 10 da wata ƙungiyar manoma, wadda ya shaida wa kamfanin tun ranar sa hannu. Takardar Turanci ta ce kamfani ba zai biya "asarar da ta biyo baya" ba.

Wannan lafazi yana da tarihi. A 1854 wata kotun Ingila ta yanke shari'ar Hadley da Baxendale, inda sandar injin niƙa ta karye a Gloucester, masu dakon da za su kai ta Greenwich suka yi jinkiri, injin ya zauna ba aiki. Kotu ta raba asara biyu: wadda kowa ya san takan faru, da wadda ke tasowa daga wani hali na musamman, wadda ba a biyanta sai an san da shi tun lokacin ƙulla ciniki. Kotunan Najeriya suna bin wannan ƙa'ida. A fassarar da alƙalan Ingila suka daɗe a kanta, kashi na biyu kaɗai wancan lafazi ya kore. Ke nan kamfani zai biya miliyan 3, ya tsira daga miliyan 10.

Idan aka juya shi Faransanci a matsayin "asarar da ba ta kai tsaye ba", lissafi ya canza. Kundin Faransa da ma bai yarda a biya irin wannan asara ba, don haka sashen bai kare kamfanin daga komai ba. Alƙali na iya ganin kwangilar manoman asara ce ta kai tsaye wadda aka sani tun farko, ya ɗora wa kamfani miliyan 13. Ɗan kasuwar da aka karanta wa da Hausa kuwa zai ɗauka ko sisi ba za a ba shi ba. Layi ɗaya ya haifi amsa uku.

Maganin shi ne a jera asarorin da sunansu: ribar sayarwa, kwangila da wani, kuɗin ajiya, kowace a ce ana biya ko ba a biya. Akan kuma gwada fassarar ta hanyar ba lauyan Kano da na Maraɗi labari ɗaya, kowa da takardarsa, a tambaye su nawa za a biya. Idan adadin ya saɓa, da sauran gyara.

Saura layi biyu da ake yawan mantawa: dokar wace ƙasa za a bi, kuma wane harshe ne zai rinjaya idan takardun suka yi karo. A Kanada, kamfanonin sadarwa na Rogers da Aliant sun yi rigima kan sashen kawo ƙarshen yarjejeniyar amfani da turakun waya. A 2006 hukumar kula da sadarwa ta dubi inda waƙafi ya faɗa a takardar Turanci, ta ce Aliant na iya fita da sanarwar shekara guda tun kafin shekara biyar ɗin farko su cika. Rogers ya kawo takardar Faransanci, wadda lafazinta bai bar shakka ba, kuma a 2007 hukumar ta janye wancan fahimtar tata.