Yadda Ake Sanya Masaukin Baƙi a Intanet Domin Baƙo Ya Same Shi Cikin Sauƙi

A yau matafiyin da zai kwana a garin da bai sani ba yakan duba wayarsa tun kafin ya bar gida, ya ga masaukan da ke wurin, ya zaɓi wanda zai kira. Da yawa daga cikin gidajen saukar baƙi na garuruwanmu ba sa fitowa a wannan bincike, wasu kuma suna fitowa da lambar wayar da ta daina aiki ko da hoto guda mai duhu. A wannan bayani za mu ɗauki misalin wani masauki mai ɗakuna 8 a garin Argungu, mu bi aikin daga farko. Mun zaɓi Argungu ne saboda baƙinta iri biyu ne: akwai cincirindon da bikin kamun kifi yake kawowa, bikin da aka fara a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, akwai kuma baƙin yau da kullum, wato ma'aikata, 'yan kwangila, masu sayen shinkafa da 'yan biki. Farashi da lokutan da za mu ambata duk na misali ne.

Abu na farko shi ne a tabbatar baƙo zai iya isowa ƙofar gidan. Ana yin wannan kyauta ta hanyar buɗe Google Business Profile, wanda shi ne yake sa suna, lambar waya da hotunan masauki su fito a kan taswirar Google Maps. Kafin a buɗe sabo, sai a fara neman sunan masaukin a taswirar, domin sau da yawa wani baƙo ya riga ya sanya shi. Idan yana nan, sai mai gida ya nemi a miƙa masa ikonsa maimakon ya ƙirƙiro na biyu, saboda shafi biyu ga gida ɗaya yana raba ra'ayoyin baƙi, yana kuma rikita masu nema. A rubuta sunan kamar yadda yake a allon ƙofa, ba ƙari. Wasu sukan liƙa wa sunan kalmomin talla irin su "mafi arha a Kebbi", alhali wannan ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, kuma yana iya jawo a dakatar da shafin. Sau da yawa kamfanin yakan nemi a ɗauki bidiyo guda ba tare da yankewa ba, wanda zai nuna titin, allon suna da wata shaidar cewa mai ɗaukar yana da iko da wurin, kamar buɗe ofis da makulli. Saboda haka wanda ba shi da allo, ya fara yin allo.

Matsalar da ta fi damun karkara ita ce adireshi, tunda yawancin layukanmu ba su da suna ko lambar gida. Maganin shi ne mai masauki ya tsaya a bakin ƙofarsa, ya buɗe taswirar, ya ajiye alamar daidai kan ƙofar da mota take shiga, ba tsakiyar unguwa ba. Taswirar za ta ba shi wata gajeriyar lamba da ake kira Plus Code, wadda ke nuna wurin ko da babu sunan titi. Ya adana ta, ya haɗa ta da kwatance irin namu na gida: daga tasha a bi wace hanya, a juya a wane masallaci ko gidan mai, ƙofar wace kala ce. Daga nan a gwada. A ba wani mai babur wayar ya taso daga tasha yana bin taswirar kawai; idan ta kai shi bayan gida ko wani lungu, a gyara alamar. A nan jami'an ƙananan hukumomi suna da rawar takawa, domin duk layin da aka raɗa wa suna aka kafa masa allo ya rage wa masauki da asibiti da makarantar da ke kansa wahalar kwatance.

Sai batun hotuna. Wayar hannu ta isa, muddin an goge gilashin kyamarar, musamman a lokacin hunturu da ƙura take lulluɓe komai. A gyara gado da zani mai tsabta, a kwashe bokiti da wayoyin caji, a buɗe labule, a ɗauka da hantsi lokacin da haske ya shigo ɗakin. Mai ɗauka ya tsaya a bakin ƙofa ko a kusurwa, ya riƙe wayar a kwance daidai ƙirjinsa, ya tabbatar bango bai karkace a hoton ba. Kada ya fuskanci taga kai tsaye, domin hasken waje zai mayar da ɗakin baƙi ƙirin. Haka nan a guji madubin nan mai faɗaɗa hoto da ake gani da alamar 0.5 a wasu wayoyi: yana mayar da ƙaramin ɗaki kamar zaure, baƙo kuma idan ya iso ya ga saɓanin haka, a shafin zai rubuta fushinsa kowa ya karanta.

Masaukinmu na misali yana da ɗakuna iri biyu, 5 masu fanka da 3 masu na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya buƙatar hoton dukan ɗakunan. Hotuna kamar 12 sun wadatar: ƙofar shiga daga titi tare da allon suna, harabar ajiye motoci, wurin karɓar baƙi, hoto biyu na kowane irin ɗaki, banɗakin kowanne, sannan tankin ruwa, faifan sola da janareta. Mun san masu masauki da dama ba sa son nuna banɗaki, amma a ganinmu shi ne hoton da ya fi kowanne sayar da ɗaki, musamman ga mai tafiya da iyali, kuma rashinsa yana sa baƙo ya yi zaton akwai abin da ake ɓoyewa. Kada fuskar baƙo ko lambar motarsa ta fito a hoto. Idan wani ne ya ɗauka zai turo ta WhatsApp, ya turo a matsayin Document, domin turawa ta hanyar da aka saba tana rage ingancin hoton.

Wajen rubuta bayani ne aka fi yin kuskure. Ana cika shi da "tsabta, tsaro da kwanciyar hankali", kalmomin da kowane masauki yake faɗa, a bar abin da baƙo yake son sani. A garin da zafin watan Afrilu yake hana barci, tambayar farko ita ce wuta. Wanda ya rubuta "wuta awa 24" alhali solarsa fanka da ƙwan lantarki kawai take ɗauka, ya sayo wa kansa rigima da tsakar dare. Ga yadda masaukin misalin zai rubuta nasa:

"Muna da ɗakuna 8, kowanne da banɗakinsa a ciki. Ɗaki mai fanka ₦10,000 ne a kwana, mai na'urar sanyi ₦18,000. Sola tana ɗaukar fanka, fitilu da cajin waya dare da rana. Na'urar sanyi tana aiki ne idan akwai wutar gari, ko da janareta daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Ruwan rijiyar burtsatse ne, ana kawo ruwan zafi a bokiti idan an nema. Harabar tana ɗaukar motoci 6, akwai maigadi, ana rufe ƙofa ƙarfe 11 na dare. Ba ma dafa abinci, amma akwai masu sayarwa kusa. Ana barin ɗaki ƙarfe 12 na rana. Farashi yana canzawa a makon bikin kamun kifi."

Za a lura cewa an faɗi abin da babu, kamar abinci, kuma hakan yana kawar da jayayya tun kafin ta taso. Idan gidan yana da dokoki, misali hana shan barasa ko neman katin shaida, a rubuta su a fili. A yi bayanin da Hausa da Turanci, tunda baƙin biki daga ko'ina suke zuwa. Ana iya ambaton wuraren da baƙo ya sani, kamar Gidan Tarihi na Kanta ko filin Matan Fada, amma sai an auna tafiyar da agogo kafin a rubuta mintunanta. Wannan rubutu guda za a sanya a duk inda masaukin yake da shafi, kuma ranar da farashi ya canza a gyara shi a ko'ina.

Duk wannan aiki yana lalacewa idan baƙo ya aiko da saƙo ba a amsa ba. Mai neman ɗaki yakan tambayi gidaje uku ko huɗu a lokaci guda, ya tsaya ga wanda ya fara ba shi amsa cikakkiya. Kamfanin Google ya rufe hanyar hira ta cikin shafin kasuwanci a watan Yulin 2024, don haka lambar waya da WhatsApp ne abin dogaro. A keɓe layi guda na masauki, wanda aka yi wa rajista da sunan mai gidan, ba layin wani yaron gida da zai tafi da shi ranar da ya bar aiki ba. A sa masa manhajar WhatsApp Business, wadda kyauta ce. A cikinta akwai Quick replies, inda ake adana amsa sau ɗaya a ba ta gajeren suna. Da an rubuta `/farashi` ko `/hanya` sai cikakkiyar amsar ta fito a tura. Akwai kuma Away message, wanda ke amsawa da kansa a lokutan da aka tsara, ya sanar da baƙo ƙarfe nawa za a waiwaye shi. Wannan saƙo riƙon ƙwarya ne kawai, dole da safe mutum ya bi sawu.

Amsa mai kyau tana rufe magana a saƙo ɗaya. Idan baƙo ya ce, "Akwai ɗaki ranar Juma'a?", kada a ce "Eh akwai" a yi shiru. A ce: "Barka da rana, ranka ya daɗe. Akwai mai fanka da mai na'urar sanyi a daren Juma'a, ga farashi da hotuna. Kwana nawa za ku yi, mutum nawa ne, kuma ƙarfe nawa kuke sa ran isowa?" Da zarar an daidaita, a rubuta sunansa a littafin ɗakuna nan take. Littafin ya zama guda ɗaya tak, ko ta waya aka kama ɗakin, ko ta shafukan kama ɗaki masu karɓar kamasho, domin a makon biki ne ake sayar wa mutum biyu ɗaki guda.

Game da kafin alƙalami, asusun banki ya kasance da sunan masaukin ko na mai shi, kuma a faɗi sunan a cikin bayanin. Kada a amince da hoton rasit ko alat na saƙon waya sai an duba asusun an ga kuɗin sun shiga. Haka kuma, tunda kowa yana iya ba da shawarar gyara a taswirar, 'yan damfara kan yi ƙoƙarin sauya lambar masauki da tasu su karɓi kuɗin baƙi. Alamar da za a gane ita ce kira ya ragu haka kawai, ko baƙo ya iso yana cewa ya riga ya biya wani. Saboda haka mai masauki ya riƙa neman sunan gidansa a wayar wani sau ɗaya a mako, ya duba lambar, ya danna ta ya ji ko wayar ofishinsa ce ta yi ƙara.