Gidaje Arba'in a Gefen Gidaje Ɗari Shida

A ofisoshin ƙungiyoyi da ma'aikatun da ke binciken jin ta bakin jama'a akwai wani zane da ba a rasa shi a bango ko a shafin farko na rahoto. Sanduna ne masu launi a tsaye, kowace da sunan gari a ƙarƙashinta da lamba a kanta. Mai kallo ba ya ɓata lokaci, idonsa na faɗawa kan sandar da ta fi tsawo ya ce nan ne aka fi ƙoƙari. Abin da zanen ba ya faɗa shi ne gida nawa aka shiga kafin a zana kowace sanda, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta da ƙara.

Bari mu bi misali guda har ƙarshensa. Alƙaluman na koyarwa ne, amma duk wanda ya taɓa jagorantar masu tattara bayanai a karkara zai gane yanayin. Wata ƙungiya ta tura ma'aikata gundumomi uku su tambayi magidanta ko yaransu ƙanana sun kwana cikin gidan sauro a daren jiya. A gunduma ta farko an shiga gida 600, aka samu 372 da suka ce e, wato kashi 62 cikin ɗari. A ta biyu an shiga gida 500, 290 suka ce e, kashi 58 ke nan. A ta uku damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cinye gada, ma'aikata suka dawo da takardun gida 40 kacal, 30 daga ciki sun ce e. Lissafi ya ba da kashi 75. Manaja ya karɓi lambobin uku, ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya rubuta a sama cewa gunduma ta uku ce kan gaba, sannan ya ƙara sanda ta huɗu mai nuna matsakaici, kashi 65.

Matar da ta sa ido kan aikin, wadda da idonta ta ga gadar, ita ce ta ɗauki biro. Ga yadda wasiƙa irin wannan take kasancewa idan an rubuta ta da kyau:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na duba zanen da ke shafi na huɗu na daftarin rahoto, ina kuma roƙon a dakatar da shi kafin a aika wa masu ba da tallafi. Kashi 75 na gunduma ta uku daga gida 40 ya fito, alhali sauran biyun daga gida 600 da 500 ne. A can kowane gida ɗaya maki biyu da rabi yake ɗauka. Da gida biyar kawai sun amsa da a'a maimakon e, da lambar ta sauko kashi 62 da rabi, ta yi daidai da ta gunduma ta farko. Haka kuma gidajen 40 duk na bakin titi ne, kusa da asibitin sha-ka-tafi, domin ba mu iya ƙetara rafi ba. Ina roƙon abu uku: a rubuta adadin gidaje a ƙarƙashin kowace sanda, a cire kalmar kan gaba daga kanun, a kuma sake lissafin matsakaicin. Na haɗo da takardar ƙidayar gidaje ta kowace rana don a duba. A huta lafiya."

Abin da ya fi burge ni a wasiƙar shi ne maganar gida biyar ɗin nan. Ba ta kawo wa manaja darasin jami'a ba, ta ba shi abin da zai ƙirga da yatsun hannu ɗaya. A gunduma ta farko, in gida biyar suka sauya amsa, lambar ba za ta motsa da ko maki ɗaya cikakke ba, domin biyar cikin 600 bai kai kashi ɗaya ba. A ta uku kuwa gida biyar sun isa su rushe kanun rahoton baki ɗaya. Ana iya samun gida biyar ɗin ta hanyoyi da yawa: uwar gida ta tafi kasuwa kishiya ta amsa, ko an raba gidan sauro a layin makon da ya wuce, ko mai tambaya ya gaji da yamma ya yi sauri.

Masana ƙididdiga suna da ma'aunin wannan rawar da lamba ke yi, suna kiransa tazarar kuskure. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Tunda ba kowa aka tambaya ba, lambar da aka samu kusa da gaskiya take, ba ita ce gaskiyar ba, tazarar kuma tana nuna iyakar nisan da ake zaton an yi. Idan aka zaɓi mutane bisa ƙuri'a, kuma amsoshin suka rabu kusan biyu, mutum 100 na ba da tazarar kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 na ba da kusan 5, mutum 1,600 na ba da kusan 2 da rabi. Wato kafin ka rage tazarar da rabi sai ka ninka mutanen sau huɗu. Shi ya sa Afrobarometer, wadda ke tambayar 'yan Afirka ra'ayinsu kan mulki da rayuwa, take yawan amfani da mutum 1,200 a ƙasa guda, tana kuma bayyana cewa tazararta kusan maki uku ce.

A misalinmu, gunduma ta farko tana tsakanin kashi 58 da 66, ta biyu tsakanin 54 da 62. Ta uku tazararta kusan maki 13 ce, don haka gaskiyarta na iya zama ko'ina daga 62 zuwa 88. Ƙasan tazarar ya shiga cikin ta gunduma ta farko. Mai yiwuwa ne ta ukun ta fi su da gaske, mai yiwuwa ne kuma kunnen doki suke, gida 40 ba za su raba wannan gardama ba. A aikin fili ma tazarar ta fi haka faɗi, domin ba a ɗaukar gidaje ɗaiɗai daga ko'ina, unguwa-unguwa ake ɗauka, maƙwabta kuma sukan yi kama da juna a ɗabi'a.

Sai dai akwai ciwon da tazarar kuskure ba ta ma gano shi, shi ne na bakin titi. Wanda ya je Dawanau sayen gero ya san dillali ba ya yarda da abin da ke saman buhu, sai ya zura hannu ciki, ko ya huda gefe ya ga na tsakiya. Gidajen da ke kusa da asibiti su ne saman buhu. Matan wurin sun fi zuwa awon ciki, sun fi samun gidan sauro, sun fi jin faɗakarwa. Ko da ma'aikata sun shiga gida 400 a bakin titin nan, lambar za ta daina rawa amma ba za ta daina karkata ba, domin mutanen ƙetaren rafi ba su shiga lissafi ba. Wannan labari ba ya cikin kwamfutar manaja. Yana hannun wanda ya je, kuma shi ya sa nake ganin wasiƙar wajibi ce a kan mai sa ido, ba shisshigi ba.

Matsakaicin nan na kashi 65 shi ma gurgu ne. Manaja ya tara 62 da 58 da 75 ya raba uku, ya ba gida 40 nauyi ɗaya da gida 600. In aka haɗa gidajen da suka ce e, 692 ne cikin 1,140, wato kusan kashi 61. Bambancin maki huɗu ya fito ne daga hanyar lissafi kawai. Idan ana son lambar da za ta wakilci yankin duka, sai an auna kowace gunduma gwargwadon yawan mutanen da ke cikinta, amma ko kafin a kai can, raba uku kuskure ne.

Gyaran da ta nema ba sabon abu ba ne, al'ada ce da manyan bincike suka daɗe da bi. A Binciken Alƙaluma da Lafiya na Najeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an tattauna da mata 41,821. Duk da wannan yawa, da zarar an rarraba su jiha-jiha da shekaru da matakin ilimi, wasu rukunan sai su koma 'yan kaɗan. Dokar rahotannin irin wannan ita ce, lambar da ta fito daga mutum 25 zuwa 49 a sa ta cikin baka don a yi hattara da ita, wadda ta fito daga ƙasa da 25 kuwa ba a buga ta, sai a sa tauraro a gurbinta. Da an bi wannan doka, kashi 75 ɗinmu cikin baka zai zauna, ba a kanun labari ba.

Manaja na iya cewa zane mai yawan rubutu ba ya kyau a ido, kuma masu ba da kuɗi ba su da lokacin karanta ƙananan haruffa. Akwai gaskiya a ciki, amma a duba abin da za a yi da zanen. Idan katan-katan na gidajen sauro suka iso kuma ba su isa kowa ba, wannan shafi na huɗu za a buɗe a ce gunduma ta uku ta wadata, a juya mota zuwa sauran biyun. Yaran ƙetaren rafi, waɗanda ba a taɓa tambayar iyayensu ba, su ne za su kwana da sauro a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Rubutu kaɗan a ƙarƙashin sanda bai kai wannan tsada ba.

Zanen da aka gyara ba ya buƙatar ado. A ƙarƙashin sanda ta farko a rubuta n=600, ta biyu n=500, ta uku n=40, domin harafin n shi ne alamar adadin waɗanda aka tambaya. A kan kowace sanda a ja siririn layi mai nuna tazararta, mai kallo zai ga biyu gajeru da ɗaya dogo ya fahimta ba tare da an yi masa bayani ba. Sanda ta uku a dusashe launinta, a rubuta a ƙasa cewa gidajen bakin titi ne kaɗai aka samu shiga saboda ambaliya. Sandar matsakaici a cire ta har sai an kammala aiki. Kanun kuma ya faɗi iya abin da aka sani: kusan gida shida cikin goma a gundumomi biyu, ta uku kuma za a koma idan ruwa ya janye aka samu hanyar ƙetara rafin.