Wane Kwafi Ne Na Gaskiya? Yadda Ake Tsare Daftarin Rahoton Taro

A ɗauki misalin wata ƙungiyar manoma da ta zauna ranar 14 ga Maris, 2025. Sakatare ya rubuta rahoton taron, ya tura wa shugaba da ma'aji ta WhatsApp. Ma'aji ya ga an sa kuɗin taki naira 520,000 maimakon 250,000, ya gyara. Shugaba kuma ya gyara sunayen mahalarta a nasa kwafin. Ranar zama na gaba sai ga fayil uku, kowanne da sunan "na ƙarshe", aka karanta na shugaba, adadin kuskure yana nan daram.

Maganin wannan ruɗani daga suna yake farawa. Gogaggen sakatare yakan sa ranar taro a gaba, shekara sannan wata sannan rana, domin kwamfuta ta jera fayiloli bisa tsarin kwanan wata. Lambar daftari ta biyo baya:

```
2025-03-14_Rahoto_D01.docx
2025-03-14_Rahoto_D02.docx
```

Shi kaɗai ke ba da sabuwar lamba. Kowa ya mayar masa da gyaransa, shi ya haɗa su wuri guda, kuma ba ya goge tsohon daftari.

Kafin ya tura, sai ya kunna Track Changes a Microsoft Word, daga sashen Review ko ta danna Ctrl+Shift+E. Daga nan duk kalmar da aka cire ko aka ƙara za ta fito da launi, da sunan mai gyaran. Sakatare zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya gwada da rubutun da ya yi a zauren taro, ya karɓa ko ya ƙi. Idan wani ya yi gyara bai kunna ba, Compare zai jera kwafin biyu ya fito da bambancinsu.

Akwai tarko a nan. Zaɓen No Markup ɓoye gyare-gyare kawai yake yi, suna nan cikin fayil ɗin, duk wanda ya karɓa yana iya ganinsu. Sai an karɓi kowane gyara ko an ƙi shi, an share sharhin gefe, takarda ke tsarkaka.

Ko bayan haka, daftari ne har sai mambobi sun amince a zama na gaba: wani ya gabatar da ƙuduri, wani ya goyi baya, shugaba ya sa hannu da kwanan wata. Sannan a cire kalmar "daftari" daga saman shafi, a mayar da kwafin PDF:

```
2025-03-14_Rahoto_AMINCE_2025-04-11.pdf
```

Mark as Final ba makulli ba ne, domin mai karatu na iya danna Edit Anyway ya ci gaba da rubutu. Shi ya sa ake adana kwafin da aka sa wa hannu a kundin ƙungiya. Idan kuskure ya ɓulla daga baya, a gaban mambobi ake gyara shi, a rubuta gyaran cikin rahoton zaman da aka yi shi.