Gishiri da khal: me sirki ke yi wa wutar lantarki a cikin ruwa?

Tataccen ruwa, wanda ba komai a cikinsa, da kyar wutar lantarki ke ratsa shi. Idan ka tsoma wayoyi biyu da suka fito daga batir da ƙwan fitila a cikinsa, ƙwan ba zai kama ba. Barbaɗa gishiri kaɗan, sai haske. Zuba ruwan khal a maimakon gishirin, hasken da za ka gani bai taka kara ya karya ba.

Dalili shi ne gishiri, da zarar ya narke, yana rabewa kakaf zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon, kuma su ne ke dakon wutar daga waya zuwa waya. Irin wannan shi ne mai ƙarfi. Asid ɗin da ke cikin khal kuwa, CH₃COOH, rarrauna ne: yawancinsa na zaune a dunƙule, ƙalilan ne ke rabewa.

Masana na auna abu biyu, kuma a nan ɗalibai suka fi ruɗewa. Na farko, κ, shi ne yadda wuta ke ratsa ɗan murabba'in ruwa mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Wannan yana raguwa idan an sirka, tunda ayon ɗin da ke cikin gurbin sun ragu. Na biyu, Λm, rabon mol ɗaya ne na abin da aka narkar, wato Λm = 1000κ/c, inda c ke nufin mol nawa ne a lita guda. Shi kuma ƙaruwa yake yi da sirki.

Ɗauki gishirin KCl a zafin digiri 25. Idan akwai mol 0.1 a lita, κ yana kai 0.0129 S/cm, Λm ya zama 129 S cm²/mol. Sirka shi ninki goma, κ ya faɗo 0.00141, amma Λm ya hau 141. Ƙara sirkawa ninki goma, ya kai 147, daga nan sai ya dinga jan jiki zuwa wajen 150, ba ya wucewa. Yawan ayon ɗin bai canza ba, don tun farko duk sun rabe. Abin da ya canza shi ne cunkoso. Kowane ayon na kewaye da masu kishiyar cajinsa, suna janyo shi baya, kamar ɗan dako a kasuwar Kurmi ana jajibirin salla. Da hanya ta buɗe sai kowa ya ƙara sauri. Bajamushen nan Friedrich Kohlrausch ya gano cewa a ruwa mai sirki sosai abin na bin tsari: Λm = Λ° − K√c. Zanen Λm a kan √c miƙaƙƙen layi ne, kana iya jan sa da rula har inda c ya zama sifiri ka karanta iyakar, Λ°.

Asid ɗin khal ba ya bin wannan layi ko kusa. A mol 0.1, Λm ɗinsa 5.2 ne kacal. A 0.01 ya kai wajen 16, a 0.001 ya doshi 49, kuma bai nuna alamar tsayawa ba. A nan ba sauri ne ya ƙaru ba, 'yan dakon ne suka ƙaru: ruwa na yawa, asid ɗin na ƙara rabewa. Shi ya sa rula ba ta da amfani. Layin na lanƙwashewa ya yi sama, kuma kafin ka isa iyakar, ruwan ya tsinke har abin da kake aunawa ya gauraye da na ruwan kansa da iskar CO₂ da ya sha.

Dabarar da ta warware wannan ita ce ta fi burge ni. Kohlrausch ya lura cewa a iyakar sirki kowane ayon na tafiya ne shi kaɗai, ba ruwansa da wanda suka zo tare. Saboda haka sai a aro daga masu ƙarfi uku: HCl na da 426, CH₃COONa na da 91, NaCl na da 126. Haɗa biyun farko ka cire na uku, ayon ɗin Na⁺ da Cl⁻ sun fita, saura na asid ɗin khal: 391. Raba 5.2 da 391, ka sami kusan kashi 1.3 cikin ɗari. Abin da ya rabe ke nan a mol 0.1. A mol 0.001 kuwa, 49 bisa 391 ya haura kashi 12.

Mai awo sai ya kiyaye zafi, don ƙarin digiri ɗaya na ɗaga κ da kusan kashi 2 cikin ɗari. Kuma ba a awon gaske da wutar batir, saboda tana tara kumfa a bakin ƙarafan, lambar ta yi ta zamewa ƙasa. Wuta mai kai-da-komo ake sa wa. Kafin a fara, a gwada na'urar da KCl mai mol 0.01. Idan a digiri 25 ba ta nuna kusan 1413 µS/cm ba, a wanke ƙarafan a sake saita ta.