Na'urar Moore da ta Mealy: A Ina Amsa Take?

Ka danna maɓallin na'ura ka riƙe shi, amma sai ta ƙirga dannawa ɗaya tak. Ta iya hakan ne saboda tana tuna abin da ya gabata. Injiniyoyi suna tsara irin wannan na'ura da 'yan matsayai ƙidayayyu, tana tashi daga wannan zuwa wancan gwargwadon saƙon da ya shigo mata. Sanannun hanyoyin tsara ta biyu ne: ta George Mealy, wadda ya wallafa a 1955, da ta Edward Moore a 1956.

A tsarin Moore, amsa tana manne da matsayi: idan ka san inda na'ura take, ka san abin da take fitarwa. A na Mealy kuwa, sai an haɗa matsayi da saƙon da ya shigo yanzu kafin a san amsa.

Mu koma ga maɓallin. A danne 1 ne, a sake 0 ne, kuma muna son amsar 1 ta fito a lokacin da aka tashi daga 0 zuwa 1 kawai. Matsayi biyu sun ishi Mealy: A, wato ɗazu a sake yake, da B, ɗazu a danne yake.

```
A,0 -> A/0    A,1 -> B/1
B,0 -> A/0    B,1 -> B/0
```

Ba ta 01101, ta ba ka 01001.

Wajen mayar da ita Moore, a dubi kowane matsayi a tambaya: da wace amsa ake shigarsa? A ba shi da matsala, kullum da 0 ne. B ne mai fuska biyu, domin daga A ana shigarsa da 1, in kuma ya koma kansa da 0. Tun da matsayin Moore amsa ɗaya yake ɗauka, dole a raba shi: B1 mai fitar da 1, da B0 mai fitar da 0. Dukkansu suna gadar hanyoyin B: 0 ya kai su A, 1 ya kai su B0. Biyu sun zama uku. Idan abin ya yi tsanani, adadin kan kai yawan matsayai sau yawan amsoshi. Komawa Mealy ba wuya: a ɗauki amsar kowane matsayi a ɗora ta kan hanyoyin da ke shigarsa.

A kan takarda su biyun daidai suke, in ban da amsar farko da Moore ke fitarwa tun saƙo bai zo ba. A da'irar lantarki kuwa, Moore sai agogon na'ura ya buga take amsawa, don haka takan makara da bugu ɗaya. Mealy nan take take amsawa, amma idan saƙon ya yi rawa tsakanin bugu biyu, amsar ma za ta yi rawa. Shi ya sa a ganina Moore ta fi dacewa wajen kunna inji, inda ƙyaftawar kuskure ke jawo ɓarna.