Saƙon shugaban adashi: me ya sa ranar zubi da ranar taro ba za su haɗu ba

Yawancin rigimar da ke tashi a ƙungiyoyin adashi ba daga cin amana take farawa ba, daga rana take farawa. Shugaba ya aiko da saƙo cewa a yi zubi a ƙarshen wata, za a zauna taro a farkon wata, kowa ya amsa da "to". Sai dai ma'aikacin gwamnati ya ɗauka ranar da albashi ya shigo ake nufi, ɗan kasuwa ya ɗauka ranar 30 ce, hajiyar da ke lissafi da watan Musulunci kuma tana jiran a ga jinjirin wata. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma wanda ɗaukarsa ta zo zai iske kuɗi bai cika ba.

Shi ya sa nake ganin saƙon da shugaba ko uwar adashi ke fitarwa a farkon zagaye shi ne dokar ƙungiyar, ko an karanta shi a zaure ne, ko an tura shi ta WhatsApp. Ranar da aka samu saɓani, shi za a ɗauko a duba.

Mu ɗauki misalin ƙungiya mai mutum 12, kowa na zuba naira 20,000 a wata. Abin ɗauka naira 240,000 ke nan, kuma zagayen zai ci shekara guda. A ce shugaba ya rubuta cewa ranar 5 ga wata ce ƙarshen zubi, taro kuma Asabar ta farko a kowane wata. A ido babu laifi. Amma Asabar ta farko tana iya faɗawa ko'ina tsakanin 1 da 7 ga wata. A watan Maris na 2025, ranar 1 ga wata ce Asabar. Ke nan za a zauna taron miƙa kuɗi alhali saura kwana huɗu wa'adin zubi ya cika. Idan mutum huɗu ba su kawo ba, ba su karya doka ba, babu damar a ci su tara, mai ɗauka kuma zai tashi da naira 160,000 da alƙawarin ciko. In kuwa ya riga ya yi cinikin keken ɗinki ko ya yi wa mai gida alƙawarin kuɗin haya, shi ne zai sha kunya.

Gyaran ba shi da wuya. A mayar da taron Asabar ta biyu, domin ita kullum tsakanin 8 da 14 ga wata take faɗawa. Ko yaya kalanda ta juya, akwai aƙalla kwana uku tsakanin rufe zubi da zaman taro. A waɗannan kwanakin ne ma'aji zai duba littafi, ya ga wanda ya rage, ya kira shi a waya tun ba a gaban jama'a ba. A nan ne kuma za a tabbatar da kuɗin da aka turo ta banki, don hoton rasiti daban, shigar kuɗi asusu daban. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin kuɗi, ya san yadda turi ke maƙalewa kwana da kwanaki, an cire a nan, bai isa can ba.

Saƙon da ya amsa sunansa zai yi kama da haka: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Zubin wannan zagaye naira 20,000 ne, ana karɓa daga 28 ga wata zuwa 5 ga wata mai kamawa, da lissafin watan Bature, kafin sallar Magariba. A ba ma'aji hannu da hannu, ko a tura asusun ƙungiya a kira shi ya tabbatar. Taro Asabar ta biyu ce a kowane wata, bayan La'asar, a inda muka saba. Wanda ya makara akwai tarar naira 500 kamar yadda muka amince. Jerin masu ɗauka da watanninsu yana biye."

A lura da lambar 28. Ba a ce 30 ba saboda Fabrairu ba shi da ita. An kuma faɗi irin watan da ake nufi, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, kuma ƙungiyar da ta cakuɗa su biyu ba za ta yi wata uku ba sai ranakunta sun rikice. Kalmar "kamar yadda muka amince" ma tana da nauyi. Shugaba mai isar da shawarar taro ne. Idan ya ƙara tara ko ya matsar da rana shi kaɗai a cikin saƙo, kowane ɗan ƙungiya yana da damar ya ce ba da shi aka yi ba.

Akwai watannin da ya kamata a ambata da suna tun daga farko. Waccan Asabar ta 1 ga Maris 2025 ita ce kuma ranar da aka tashi da azumi a Najeriya. Taron bayan La'asar a cikin Ramadan ba ya yi wa mata, lokacin suna kan murhu ne ana shirin buɗa-baki. Gabanin Babbar Sallah kowa yana son ɗauka saboda rago, a watan Satumba kuɗin makaranta ya matsa, da damina kuma manomi ba ya gida da hantsi. Gara a yi muhawarar wa zai ɗauka a waɗannan watannin tun a zaman farko, ko da ƙuri'a ce, a rubuta. Haka ranar kasuwa: sa taro ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Juma'a a Wudil, kamar cewa 'yan kasuwa ne kada su zo.

Wani zai ce in dai kuɗi na shiga ta waya, mene ne amfanin taro? Amsar tana wurin matan Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan yankin na Nijar, tsarin da daga baya ya bazu a ƙasashen Afirka da dama. A irin waɗannan ƙungiyoyi ana ajiye kuɗi ne a akwati mai kwaɗo uku, makullan na hannun mutum uku daban, kuma ba a buɗe shi sai a gaban taro. Zubi, rance, biya, duk a idon kowa ake yi. Ƙungiyar da ta bar zama ta koma turi kawai, mutum ɗaya ne ya san gaskiyar abin da ke asusu, sauran suna jin labari ne daga bakinsa.

Ana iya gane ƙungiyar da ta fara tangal-tangal daga saƙonninta. Ranar taro ta fara ɗagawa babu dalili. Sanarwa ta koma zuwa daren jajibiri. An daina faɗin jimillar abin da aka tara, sai dai "a yi haƙuri, za mu sanar". Jerin masu ɗauka ya sauya ba a zauna ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nemi zama a buɗe littafi, kuma neman hakan ba rashin ladabi ba ne ga shugaba.

Ga shugabanni kuwa, a tuna ba kowa ke karatun boko ba, ba kuma kowa ke da babbar waya ba. A rubuta saƙon, a maimaita shi da murya, a aika yaro ko a kira waɗanda ba sa WhatsApp, sannan a karanta shi a taro a sa kwafinsa a littafi. Kai kuma ɗan ƙungiya, kafin ka miƙa zubin farko, ka ɗauko kalanda ka bi watannin zagayen ɗaya bayan ɗaya. In ka ga watan da taro ya riga wa'adin zubi, ka faɗa tun yanzu.